Idan ido ya yi rawaya, a bar zargin tuwon jiya

A Kunci da ƙauyukanta, kamar sauran karkarar arewacin Kano, ciwon ciki yana da sunaye uku da kowa ya haddace: olsa, taifod da basir. Duk wanda zuciyarsa ke tashi, abinci ya fita daga ransa, cikin ukun nan za a zaɓa masa ɗaya. Wani ya ce wake ya ci da yawa, wani ya ce man ƙosan kasuwa ne bai karɓe shi ba. Sai a aika yaro kemis ya karɓo farin ruwan maganin olsa da farasitamol, a ce zuwa jibi zai ware.

Sau da yawa kuwa yakan ware, domin yawancin ɓacin ciki ɓacin ciki ne kawai. Amma akwai lokacin da ba ya warewa. Kwana biyar, kwana bakwai, fitsari ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba, sannan wata safiya a dubi idon mutum a ga farin ya yi rawaya. A nan sai a sauya suna, a ce ai shawara ce, a ajiye maganin kemis a ɗauko jiƙo.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Tashin zuciya da ƙin abinci da suka haɗu da rawayar ido ba maganar ciki ba ce, har sai an auna jini an tabbatar. Kuma kalmar shawara ba ta gaya mana abin da ke damun mutum ba. Ta dai faɗi abin da idonmu ya gani. Kamar ka ga hayaƙi yana tashi daga wani gida ka ce sunan matsalar hayaƙi. To me ke ci da wuta?

Daga ina rawayar take fitowa?

Ƙwayoyin jan jininmu ba sa dawwama. Kowace takan yi kamar kwana 120 sannan ta tsufa, jiki ya farfasa ta. Daga wannan farfasawar ake samun wani sinadari mai launin rawaya da likitoci ke kira bilirubin. Aikin hanta ne ta tsince shi daga jini, ta sarrafa shi, ta zuba shi cikin ruwan ɗacin da ke taruwa a matsarmama, daga nan ya gangara hanji ya fita da bayan gida. Shi ne ma yake ba bayan gida launin da muka sani.

Idan ƙwayar cuta ta kama hanta ta kumbura, wannan hanya sai ta cushe. Sinadarin ya koma cikin jini. Ƙoda ta yi ƙoƙarin fitar da shi, shi ya sa fitsari ke yin duhu. Hanji kuma bai samu rabonsa ba, shi ya sa bayan gidan wasu ke yin fari-fari kamar farar ƙasa. Abin da ya rage ya bi jiki, ya fara bayyana a farin ido, domin nan ne ya fi saurin kamawa, kuma a fatar baƙin mutum ba a cika ganinsa da wuri ba. Sai adadinsa a jini ya ninka na mai lafiya sau biyu zuwa uku kafin ido ya nuna.

Ka ga ke nan ido shi ne ɗan aiken da ya makara. Kafin ya iso, hanta ta yi kwanaki tana fama. Tashin zuciyar nan da aka ɗora wa wake, ita ce sallamar farko.

Yadda ake bambancewa tun kafin ido ya nuna

Ɓacin ciki na abinci yana da dalili a kusa: ka ci wani abu, bayan sa'o'i kaɗan ciki ya kumbura, gyatsa, ƙwarnafi, wataƙila gudawa. Kwana ɗaya ko biyu ya wuce, yunwa ta dawo. Mai gyambon ciki kuwa zafin a ƙahon zuciya yake jinsa, yana da alaƙa da lokacin cin abinci, kuma maganin olsa kan kwantar masa ko da na ɗan lokaci ne.

Na hanta ba haka yake tafiya ba. Ƙin abincin yana da ƙarfi, har ƙamshin miya ko na suya kan tayar wa mutum da zuciya. Mai shan sigari kan ji ta fita daga ransa haka kawai. Ga kasala wadda ta wuce ta gajiyar gona, ga ɗan zazzaɓi, wani lokaci da ciwon gaɓoɓi. Idan akwai ciwo, nauyi ne a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Maganin olsa ba ya taɓa shi. Sannan sai fitsari ya sauya launi, kuma ko ka sha ruwa da yawa ba ya washewa. Wannan ce alamar da ta fi kowace amfani, domin takan riga ido da kwana ɗaya zuwa wasu 'yan kwanaki. Fitsarin wanda ya wuni a rana bai sha ruwa ba ma yakan yi duhu, amma da ya sha ruwa sosai zai koma daidai.

Duba idon ma yana da ƙa'ida. A fita waje cikin hasken rana, kada a duba da fitilar waya ko ƙwan sola a ɗaki. A ɗaga fatar ido ta sama, mutum ya kalli ƙasa, a dubi farin da ke ɓoye. Da yawanmu farin idonmu na gefe yana da ɗan duhu saboda ƙura da rana, wannan ba shi ba ne. Kuma don Allah kada a yanke hukunci da hoton da aka turo a waya. Kyamara tana gyara launi yadda ta ga dama.

Mu bi misali ɗaya daki-daki

A ɗauka saurayi ne ɗan shekara 22, yana noman gero da gyaɗa da damina, da rani yana ɗan taɓa acaɓa. Ranar Litinin ya tashi ba ya son koko. Talata ya yi amai sau ɗaya, jiki ya yi zafi kaɗan. A kemis aka haɗa masa maganin maleriya da na olsa da farasitamol, ba tare da gwaji ba. Yana shan biyu da safe, biyu da rana, biyu da dare. Abokinsa ya ƙara masa wani maganin mura, wanda shi ma da farasitamol a cikinsa, amma ba wanda ya duba kwalin. Alhamis zazzaɓi ya sauka, sai aka ce magani ya yi aiki. Amma har yanzu ko loma uku ba ya iya yi. Asabar fitsari ya yi duhu. Litinin ta zagayo, mahaifiyarsa ta dube shi a tsakar gida ta ce, “Kai, zo nan in ga idonka.”

A nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce wadda aka saba: a jiƙa saiwar rawaya da wasu sassaƙe, a hana shi mai da nama, a ce kada a kuskura a kai shi asibiti. Ta biyu ita ce a hau babur a tafi inda ake auna jini, ko a babban asibitin da ya fi kusa, ko a Bichi, idan abin ya yi tsanani a wuce Kano, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Me za a yi masa a can? Da farko gwajin maleriya, domin maleriya mai tsanani ma tana farfasa jini ta sa ido rawaya, kuma ita maganinta na gaggawa ne. Za a tambayi ko yana da sikila. Sai gwajin aikin hanta, wanda za ka ga an rubuta LFT a takarda. A cikinsa akwai layin da aka rubuta ALT. A mai lafiya yawanci bai wuce 40 ba. Idan ƙwayar cuta ta kama hanta sabon kamu, yakan haura ɗaruruwa, har ya wuce 1,000. Sai gwajin HBsAg, mai nuna ko akwai ciwon hanta nau'in B, da gwajin nau'in C. Idan likita yana zargin wani abu ne ya toshe hanyar ruwan ɗaci, kamar tsakuwar matsarmama, sai ya tura a yi hoton ciki.

A ce sakamako ya fito: babu maleriya, ALT ya haura 1,000, HBsAg ya nuna akwai. Abin da zai ba mutane mamaki shi ne, mai yiwuwa likita ba zai rubuta wani dogon magani ba. Zai ce a tsayar da farasitamol da maganin murar nan da duk wani jiƙo, a huta, a sha ruwa, a ci abin da rai ke so kaɗan-kaɗan, a dawo a sake awo. Zai ce a kawo 'yan gida a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Kuma zai ce lallai a maimaita HBsAg bayan wata 6. Idan ta ɓace, jiki ya kore ta. Idan tana nan, ta zama zaunanniya, sai a shiga bibiya, wasu a ɗora su a kan magani irin su tenofobir da ke danne ƙwayar.

Wani zai ce, to in dai hutu ne da ruwa, me ya sa zan kashe kuɗin mota da na awo? Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce, awon ne ya raba shi da mai maleriyar da ke buƙatar allura a daren nan. Awon ne ya sa aka tsayar da ƙwayoyin da ke ƙara wa hanta nauyi, domin farasitamol hanta ce ke sarrafa shi, kuma ko mai lafiya bai kamata ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini ba, balle wanda hantarsa ke kumbure. Kuma awon ne zai kare ƙannensa da matar da zai aura.

“Shawara ba ta son allura”

Wannan magana ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma ba na ganin waɗanda suka yarda da ita a matsayin marasa tunani. Abin da suka gani da idonsu ne ya gina ta. Yawancin manya da suka kamu da sabon ciwon hanta na ƙwayar cuta suna warkewa da kansu cikin makonni. A nau'in B, cikin manya 100 da suka kamu, waɗanda cutar ke zaune musu ba su kai 5 ba. Saboda haka duk abin da aka ba mutum a wannan tsakanin, jiƙo ne ko rubutu ko rake, shi zai karɓi yabo. Su kuma 'yan kaɗan ɗin da hantarsu ta gaza, sai sun fara sambatu ake ɗaukarsu zuwa asibiti. A sa musu ruwa, a yi allura, rai ya yi halinsa. A dawo gida a ce allura ce ta kashe shi. Alhali jinkirin kwana goma ne.

Matsalar jiƙo kuma ita ce ba wanda ya san awonsa, kuma duk abin da ka haɗiya ta hanta zai bi. Jakin da ya durƙushe da kaya ba a ƙara masa buhu. Haka nan robobin “wankin hanta” da ake tallatawa a TikTok da Facebook, mai maganin da zai ce maka kwalba ɗaya tana maganin hanta da basir da sanyi da olsa. Ka tambaye shi wane nau'i take kashewa, A ko B ko C ko E, ka ji abin da zai ce.

Akwai alamomin da idan an gan su ba a jiran gari ya waye. Mai rawayar ido ya fara rikicewa ko maganar da ba kai, yana barci da rana yana farke da dare, ko yana da wuyar tashi daga barci. Dasashi ko hanci na zubar da jini, ko aman jini, ko baƙin bayan gida. Amai ya hana ko ruwa zama. Zazzaɓi mai zafi da rawar sanyi. Ciki ko ƙafafu sun kumbura. Rikicewar nan ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Gubar da hanta ta kasa tacewa ce ta hau ƙwaƙwalwa.

Darasin Diffa

Akwai mutum ɗaya da ko waɗannan alamomin ba a jira a kanta: mace mai ciki. A watan Janairun 2017, ma'aikatan asibitin mata da yara na Diffa, a Jamhuriyar Nijar, suka lura mata masu ciki suna ta zuwa da rawayar ido, da amai da zazzaɓi da ciwon kai. Da farko an yi zargin zazzaɓin shawara ne, wanda sauro ke yaɗawa. Sai da aka kai jini cibiyar Pasteur da ke Dakar aka gano ciwon hanta ne nau'in E. A ranar 12 ga Afrilu gwamnatin Nijar ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya. Zuwa 3 ga Mayu an ƙirga mutum 282 da ake zaton sun kamu, 27 sun rasu, kuma in ban da mutum ɗaya duk mata ne masu ciki. A wannan shekarar cutar ta ɓulla a Borno, a Damasak da Ngala.

Nau'in E ta ruwan sha take shiga, ruwan da bayan gida ya gurɓata. Takan ɗauki mako 2 zuwa 10 kafin ta nuna, shi ya sa ba wanda ke tuna ruwan da ya sha. Ga saurayi, yawanci jinyar 'yan makonni ce. Ga mai ciki a watanni ukun ƙarshe, tana iya kashe mace 1 cikin 4 ko 5.

Diffa ta yi fama da cunkoson 'yan gudun hijira, Kunci ba haka take ba. Amma dubi yadda muke zaune: gida na jingine da gida, masai ba shi da nisa da rijiya, da damina ruwa ya kwaso abin da aka yi a bayan gari ya zuba a kududdufi da rijiyar da ba ta da murfi. Hanyar ɗaya ce. Kuma ga inda haɗarin yake: tashin zuciya da ƙin abinci a wajen mai ciki, kowa laulayi zai ce. To laulayi ba ya sa ido rawaya, ba ya mai da fitsari kamar shayi. Idan ka ga haka a jikin matarka ko yayarka ko matar wanka, ranar za a tafi asibiti. Idan kuma mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya suka yi rawayar ido cikin 'yan makonni, a sanar da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma, a kuma fara tafasa ruwan sha.

Wadda ba ta nuna ido

Kada wani ya karanta wannan ya duba madubi ya ce alhamdu lillahi, idona fari tas, hantata lafiya. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. Wato a majalisar mutum goma sha biyu, a lissafi akwai ɗaya. Yawancinsu ba su taɓa yin rawayar ido ba, domin tun suna jarirai ko ƙanana suka ɗauka, kuma jaririn da ya kamu, kusan 9 cikin 10 cutar zaune musu take yi. Tana cin hanta shiru shekara ashirin, talatin. Ran da ido ya yi rawaya a irin wannan, wani lokaci hanta ta riga ta ƙanƙance ko daji ya kama ta. Ga mu manoma akwai ƙarin abin lura: gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu suna ɗauke da gubar da ke ƙara haɗarin dajin hanta, musamman ga mai nau'in B.

Ita B ta jini da saduwa da haihuwa take wucewa. Aska ɗaya a kan mutum biyar, rezar mai yankan farce, ƙaho, kaciya da kayan da ba a tafasa ba, allurar da aka maimaita. Ƙwayar tana iya rayuwa kwana 7 a jikin ƙarfe, goge shi da tsumma ba ya kashe ta. Amma ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko musabaha, ko zama a tabarma ɗaya. Ware wa mutum kofi da cokali saboda yana da B zalunci ne da ba shi da amfani.

Tun 2004 rigakafinta yana cikin alluran yara a Najeriya. Ta farko ana so a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa, sai a mako na 6 da na 10 da na 14. A karkararmu da yawancin haihuwa a gida ake yi, wannan ta farkon ce ke kuɓucewa, domin ana jiran a yi suna. Kai da ke da babur da waya, kai ne za ka iya cewa a kai jaririn nan asibiti yau. Kuma da yawa cikin masu karanta wannan shafi an haife su kafin 2004, ko ba a kammala musu alluran ba. Babba ma yana iya yin gwaji, in ba shi da ita ya karɓi allura uku cikin wata 6. Nau'in C kuwa ba ta da rigakafi, amma tana da maganin da ke warkar da ita cikin kamar mako 12.

A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma ciwon hanta na B da C suna ciki. Mataki ne mai kyau, amma bai kamata saurayi ya fara sanin halin hantarsa ana saura mako biyu ɗaurin aure ba, an riga an kai lefe. Wanda ya sani da wuri yana da zaɓi: a gwada wadda zai aura, a yi mata rigakafi, a shirya wa jariri allurarsa ta ranar farko.

Ga masu kemis na ƙauyukanmu, waɗanda da yawansu sa'o'inmu ne, roƙona ɗaya ne. Kafin ka ƙulla wa mai tashin zuciya magani a leda, yi masa tambaya biyu: kwana nawa ke nan, kuma yaya launin fitsarinka? Sannan ka fito da shi bakin ƙofa ka dubi idonsa. Idan ka ga rawaya, cinikin ranar ya wuce ka. Ka ce masa ya tafi a auna jininsa.